Kurakuran rubuta haruffa masu lanƙwasa da ke ɓoye kaya ga mai bincike

A ce wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli a Ƙauran Namoda ta buɗe shafin talla, ta rubuta "ƙuli-ƙuli" daidai da ƙa'ida a ko'ina. Mai saye daga Gusau, wanda allon wayarsa na Turanci ne, ya buga "kuli kuli" a akwatin bincike, sai aka ce masa babu.

Kuskuren farko shi ne ɗauka cewa na'ura tana kallon ƙ a matsayin k mai ɗan ado. A tsarin Unicode lambar k ita ce U+006B, ta ƙ kuwa U+0199, kuma ba a gina ƙ daga k da wata alama da za a iya cirewa ba, saɓanin é da ake rabawa zuwa e da alamarta. Shi ya sa dabarar da manhajoji da yawa ke bi ta share alamomin saman harafi kafin bincike ba ta taɓa ƙ, ɗ da ɓ. Manyan injinan bincike kan yi hasashe su haɗa kalmomin biyu, amma akwatin cikin shafi sau da yawa harafi da harafi yake gwadawa.

Wasu da suka gane haka sai su watsar da lanƙwasar gaba ɗaya, wanda shi ma kuskure ne, domin daga nan baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar kanun da bayanin kayan bisa ƙa'ida, sannan a sanya "kuli kuli" da "Kaura Namoda" a wurin kalmomin nema, ko a jimla ɗaya cikin bayanin. Wanda ke kula da injin binciken shafin, idan Elasticsearch ne, zai iya kunna `asciifolding`, wanda ke mayar da ƙ zuwa k a cikin abin da aka adana da abin da aka buga, ba tare da ya sauya rubutun da mai karatu ke gani ba.

Mafi muni a ganina shi ne rubutun tsaka-tsaki irin su "k'uli" ko "quli", wanda bai dace da ɗayan biyun ba. A hashtag ma, alamar ' da karan ɗori suna yanke kalma, ta yadda #k'uli ba ya wuce #k.

Karin harshe ma yana da nasa rabo: manomin Argungu da ya rubuta "shinkahwa" yadda yake faɗa zai ɓace wa mai neman "shinkafa", kuma wannan `asciifolding` ba ya gyara shi, gara a rubuta duka biyun.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A buga kalmar da lanƙwasa a akwatin shafin, a sake bugawa babu ita, a kwatanta yawan sakamakon. Idan ya bambanta, akwatin bai haɗa su ba.