Yadda na gyara saƙon Kawu da waya ta hargitsa

Kawuna dillalin albasa ne a Aliero, ba ya rubutu a waya, magana yake yi ta zama rubutu. Saƙon da ya turo mini in miƙa wa mai mota ya zo a dunƙule, babu aya babu waƙafi, ga wani wuri da aka rubuta "kura ta hana su lodi".

Ban taɓa kalma ko ɗaya ba sai da na karanta shi da ƙarfi, da irin lafazin Kawu. A nan kunne ya kamo abin da ido ya tsallake. Wayar ta zubar da lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ, ƙura ce ta hana lodi. Sai na yanka zancen jimla-jimla a inda mutum zai ja numfashi, na cire "to" da "ka gane" da ya maimaita. "Mu tahi" da "biyat" na mayar da su "mu tafi" da "biyar" daidai yadda mai motar, ɗan Kano, zai fahimta, ban ƙara masa kalmar da bai faɗa ba.

Lissafi kuwa ba a yi masa hasashe. Rubutun ya ce buhu "sha tara", alhali kuɗin motar da ya ambata ya fi kama da na talatin. Na kira shi.

"Kawu, buhu nawa ne?"

"Talatin ba ɗaya, yaro."

Na rubuta 29 da lamba, na karanta masa saƙon duka, ya ce haka ne, sannan na tura.