Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Raɗa wa Gajeren Fim ko Mai Dogon Zango Suna

Ɗan kallo a Kano ba ya karanta taƙaitaccen labarin fim kafin ya buɗe shi. Suna yake gani da hoto, kuma kafin ya ɗaga yatsa ya riga ya yanke hukunci: wannan na dariya ne, wannan na soyayya, wancan na rikicin gida. Da wannan tsammanin yake shiga kallo, da shi kuma yake auna aikinka. Saboda haka yawancin kurakuran suna tushensu ɗaya ne, wato sunan ya yi wa ɗan kallo alkawarin abin da fim ɗin ba zai ba shi ba.

Sunan soyayya a kan fim ɗin barkwanci

Wannan ne babba, shi ya sa zan daɗe a kansa. Mu ɗauka wasu matasa a Fagge sun haɗa kuɗi sun ɗauki shirin barkwanci kashi shida, kowane kashi minti goma sha biyu. Labarin wani mai shayi ne da duk unguwa ke cin bashinsa. Yana da wani tsohon littafi da yake rubuta sunan kowa da abin da yake bin sa, sai wata rana littafin ya ɓata, kowa ya wayi gari yana rantsuwa ya biya. Labari ne mai daɗi, kuma da jin sa ka san na dariya ne. Amma da aka zo sa suna sai daraktan ya ce a kira shi Ƙaddarar Rayuwa, domin a ganinsa sunan ya fi nauyi, ya fi kama da na manyan fina-finai.

Ga abin da zai faru. Masu neman barkwanci za su ga sunan su wuce, don ba su ga alamar dariya a cikinsa ba. Waɗanda za su buɗe kuwa masu son labarin tausayi ne, na marainiya ko na auren dole ko na masoyan da aka raba. Za su tarar da mai shayi yana ta da jijiyar wuya a kan kuɗin ƙwai biyu da rabin burodi, su yi minti ɗaya su fita. An kori masu shirin, an gayyato waɗanda ba nasu ba.

Ana iya gane wannan ciwo ba tare da canki-canki ba. A cikin YouTube Studio akwai ma'auni biyu da ya kamata a haɗa a duba. Na farko shi ne `Impressions click-through rate`, wanda ke nuna cikin waɗanda aka nuna wa suna da hoto mutum nawa ne suka buɗe. Na biyu shi ne `Audience retention`, zanen da ke nuna inda mutane ke tsayawa da inda suke fita. Idan masu buɗewa suna da yawa amma zanen ya rufta ƙasa tun a farkon bidiyon, to suna da hoto sun ja mutane, sai dai abin da suka tarar ba shi suka zo nema ba. Idan kuma masu buɗewa kaɗan ne amma waɗanda suka shiga suna kaiwa ƙarshe, to aikin yana da kyau, sunan ne bai kira kowa ba. Kafin ka ɗora wa suna laifi dai, ka tabbata ba sautin ne ya lalace ba, ko kuma ba doguwar jerin sunayen ma'aikata ka sa a farko ba, domin su ma suna korar mutane a daidai wannan wurin.

Gyaran yana farawa ne da tambaya guda: wane abu ne a cikin labarin nan da idan aka cire shi labarin ya mutu? A wannan shiri amsar ita ce littafin. Sai a kira shi Littafin Bashi, ko Bashin Mai Shayi. Na fi son na biyun, domin ya ambaci mutum da sana'arsa, kuma duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da daddare zai fara murmushi tun kafin ya buɗe. Barkwancin Hausa yana son sunan da ke riƙe da abu na zahiri: mutum, gida, sana'a, laƙabi. Dubi Gidan Badamasi. Sunan gida ne da na maigidan, kuma shirin gaba ɗayansa a kan dattijon ne da ɗimbin 'ya'yansa. Labarin soyayya da na tausayi su ne ke iya ɗaukar kalmomin zuci. Na ban tsoro yana son wuri ko lokaci, kamar kango, rijiya, tsakar dare. Na siyasa da bincike kuma yana son abin da ke nuna wa'adi ko sirri, irin yadda Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya sa mutum jin ana ƙirga kwanaki zuwa wani babban al'amari.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. Ka samu mutum biyar da ba su san labarin ba, kuma kada su zama abokan aikinka. Ka haɗa da mace ko biyu, domin mata suna da yawa cikin masu kallon fina-finan Hausa. Ka faɗi sunan kawai, ka ce, "Yaya, in kin ji wannan suna, wane irin fim kike tsammani?" Kada ka yi bayani, kada ka kare sunan. Idan ta ce, "Ai wannan na kishiya ne," alhali kai na dariya ka yi, to ka samu amsarka. In mutum uku cikin biyar suka kauce, a sake suna tun ba a kai wa edita ya manna shi a jikin fim ba.

Kalmomin da kowa ya riga ya sha

So, ƙauna, zuciya, rayuwa, ƙaddara, amana, sirri. Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a nan Kano ake yin fina-finan bidiyo na Hausa, kuma a tsawon shekarun nan an jujjuya waɗannan kalmomi ta kowace fuska. Idan ka haɗa biyu daga cikinsu ka yi suna, akwai yiwuwar wani ya riga ka, ko da fim, ko da waƙa, ko da littafin soyayya. Illar ba ta tsaya ga zargin kwaikwayo ba. Wanda abokinsa ya ba shi labarin shirinka zai rubuta sunan a wurin bincike, sai tsofaffin ayyukan manyan jarumai su fito a sama, naka yana can ƙasa inda ba wanda ke kaiwa.

Kafin ka tsayar da suna, ka rubuta shi a YouTube, TikTok da Facebook, ka rubuta shi iri biyu: da harufa masu lanƙwasa da kuma ba su. Mutane da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ a allon wayarsu, don haka `kaddara` za su rubuta. Idan akwai irin waɗannan harufa a sunanka, ka rubuta shi daidai a jikin fim da fasta, sannan ka sa ɗaya rubutun a cikin bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon. In ka tarar sunan ya cika da jama'a, ka ƙara masa abin da ya keɓanta da labarinka, sunan jarumar ko na unguwar ko na sana'ar.

Binne sunan a ƙarshen layi

YouTube yana ba da harufa 100 a layin suna, amma waya ba ta nuna su duka, tana yanke ƙarshen. Sai ka ga an rubuta haka:

```
Sabon Shiri Latest Hausa Series 2025 Full HD Kada Ku Bari A Ba Ku Labari Bashin Mai Shayi 3
```

A waya, sunan shirin da lambar kashin su ne za su faɗa cikin abin da aka yanke. Haka ma idan aka sauke bidiyon aka tura wa wani, ko masu tura fina-finai a shaguna suka zuba shi cikin memori, duk bidiyoyin za su fara da kalmomi iri ɗaya, mai kallo ya rasa na farko ya rasa na biyar. Tsarin da ya fi shi ne suna a gaba, lamba a bayansa, ƙarin bayani a ƙarshe:

```
Bashin Mai Shayi Episode 3 | Barkwanci
```

Kuma a riƙe wannan tsari daga kashi na ɗaya har na ƙarshe, ba a canza rubutun sunan ko wurin lambar. Daɗin abin shi ne layin suna a YouTube ana iya gyara shi bayan an ɗora, adireshin bidiyon da adadin kallonsa ba za su taɓu ba. Wanda ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne sunan da aka riga aka manna a cikin hoton fim ɗin.

Sunan da ke ƙarewa kafin shirin ya ƙare

Gajeren fim na minti goma abu ɗaya yake ɗauke da shi, don haka sunan da ya nuna wannan abu ɗaya ya wadatar, muddin bai tona ƙarshen labarin ba. Mai dogon zango ba haka yake ba. Da matasan nan na Fagge sun kira shirinsu Ranar da Littafi Ya Ɓata, da sunan ya yi wa zango na farko daidai, amma da zarar an ga littafin a kashi na shida sunan ya tashi aiki. Bashin Mai Shayi kuwa zai ɗauki zango na biyu da na uku, domin bashi ba ya ƙarewa a teburin shayi. Sunan mai dogon zango kamar harsashin gini yake, ana haƙa shi ne da lissafin benen da ake son ɗorawa nan gaba. A ɗora shi a kan mutum, wuri ko yanayin da zai dawwama, abin da ya faru a kashi guda kuma a bar shi ya zama ƙaramin taken wannan kashin.

Sunan da ke ƙyafta ido

Wasu na sa sunan da ke nuni da batsa ko tonon asirin ma'aurata don a buɗe, alhali a ciki wa'azi ne zalla. Hasara biyu ke nan. Wanda ya zo don abin da sunan ya nuna zai fita da fushi, magidancin da zai so kallon shirin da iyalinsa kuma ba zai yarda a ga wannan suna a wayarsa ba. Ga kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, wadda doka ta ɗora wa tace fina-finai kafin a sake su, kuma suna shi ne abu na farko da mai tacewa zai ci karo da shi. Haka nan a guji sunan da ke jingina mugun hali ga wata ƙabila, wani gari ko wata sana'a, da wanda ya yi kama da laƙabin wani sanannen malami ko basarake. Idan labarin da gaske ya taɓa matsalar aure mai nauyi, a sa sunan da zai nuna nauyin cikin sakaya irin ta manya, wanda 'ya za ta iya faɗa a gaban mahaifiyarta lokacin da take tambaya ko an saki kashi na gaba.