Matakan lissafi kafin tela ya ƙara keken aiki na biyu

Teloli a Gusau suna yawan tambayar wata nawa keken aiki na biyu zai yi kafin ya mayar da kuɗinsa. Kuɗin da ke ƙasa misali ne, ka sa naka.

1. Rubuta kuɗin keken har da dako da ɗaurawa. A ce ₦900,000.

2. Rubuta abin da kake karɓa a aikin wuyan riga ɗaya: ₦5,000.

3. Cire zare, allura, man janareta da ladan yaron da zai hau keken. Idan sun ci ₦3,000, saura ₦2,000.

4. Ƙirga rigunan da kake mayarwa a wata saboda keke ɗaya ya kasa. A ce 40.

Hattara, nan ake tafka kuskure. Kada ka sa aikin da tsohon keke yake gamawa, domin ko ba sabon za ka samu kuɗinsa. Kuma kada ka auna da watan azumi, bayan Sallah aiki ja baya yake.

5. Ninka 40 da ₦2,000, ka samu ₦80,000.

6. Cire kuɗin gyara na wata, ₦5,000. Saura ₦75,000.

7. Raba ₦900,000 da ₦75,000. Wata 12 ke nan kafin keken ya mayar da kuɗinsa.

8. Sake lissafin da riga 20. Saura ₦35,000 a wata, kusan wata 26. In da bashi za ka saya, wannan lissafin za ka riƙe.