Kwayil ɗin rishon lantarki ya ƙi zafi: kurakuran da aka fi yi wurin gwaji

Kuskuren da na fi gani shi ne gaggawar sayen sabon kwayil. Ni ma na taɓa yi. Kai ɗaya na rishonmu a Samaru ya daina ja, na hau mota har kasuwar Sabon Gari na sayo sabo, na soka, ya yi kwana kaɗan ya sake mutuwa. Ashe tsohon lafiyarsa lau, soket ɗin da ƙafafunsa biyu ke shiga ne ya ƙone.

Kafin komai, zare fulogi daga bango, ko ka kashe layin rishon daga akwatin wuta. Murɗa makunni kawai bai isa ba, domin akwai rishon da waya ɗaya ke zama da wuta ko a kashe yake. Kada kuma ka dogara da cewa an ɗauke wuta, tana iya dawowa hannunka na ciki.

In kwayil ya huce, ɗaga shi kaɗan ka ja shi waje a miƙe. Kai mitar gwajin lantarki kan Ω, wato ma'aunin om, a 200, ka ɗora tsinkenta ɗaya a kowace ƙafar kwayil. Mai wat 1,000 da aka yi wa bolt 230 zai nuna wajen om 53, mai 1,500 kuma wajen 35. In ka ga OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu, wayar ciki ta tsinke, sai sabo. Sannan ka gwada tsakanin ƙafa ɗaya da jikin ƙarfen kwayil ɗin. A nan OL ake so. In lamba ta fito, wuta na tsallakawa jiki, kada ka mayar da shi ko da yana zafi.

Mutane da yawa nan suke tsayawa, alhali rabin aikin ke nan. Tsohon kwayil ɗina ya nuna 36, wato lafiyarsa lau, sai na haska tocila cikin soket. Bakinsa ya yi baƙi, gefe ya narke, ƙarfen da ke matse ƙafar ya saki, ga ƙaurin ƙonanniyar roba. Inda haɗi ya yi sako-sako tartsatsi yake yi, zafi ya taru a wurin maimakon a kwayil. Miyar da ke tafasa ta zuba ciki ma tana ƙara ci masa.

Goge irin wannan soket da samfefa ko matse shi da filaya ba ya ɗorewa, ƙarfen da ya sha wuta ba ya sake kamawa. A canza shi, a yanke wayar har inda jan ƙarfenta ke sheƙi, a haɗa da mahaɗin tangaran mai jure zafi, ba salatif ba. In ƙafafun kwayil sun ci ramuka, shi ma a canza, don kada ya ɓata sabon soket.

In kuwa duka kawunan ne suka yi sanyi-sanyi tare, auna wutar gidan tukuna. A bolt 160 kwayil mai lafiya kusan rabin zafinsa kawai yake bayarwa.