Yaronki ya ce "ina zowa"? Kurakuran da mu iyaye muke yi a kan wannan

A gidanmu a Agege, ƙaramar ɗiyata tana shekara biyu da 'yan watanni tana cewa "ina zuwa" tsaf in an kira ta. Tana shiga shekara uku sai ta koma "ina zowa". Babarta hankalinta ya tashi, wai yarinya ta fara lalacewa, Hausar Legas ta kama ta. Ni malamin firamare ne, na sha ganin irin wannan, shi ya sa nake son mu yi maganarsa.

Kuskure na farko shi ne ɗauka cewa yaro ya koma baya. Da can haddar kalmar ta yi ɗungurungum kamar aku, ba ta san an gina ta ba. Daga baya kunnenta ya tara dawo dawowa, fito fitowa, kawo kawowa, sai ƙwaƙwalwarta ta ciro doka, a liƙa "wa" a ƙarshe, to me zai hana zo ya zama zowa? Ba ta ji shi a bakin kowa ba, ita ta ƙera abinta, kuma wannan shi ne shaidar cewa doka ta shiga kanta. Haka a jam'i. Ranar hawan sallah muna kallon bidiyon Kano a waya ta ce "Baba ga dokoki!" tana nufin dawaki. Mota motoci, taga tagogi, ƙofa ƙofofi, doki dokoki, wallahi lissafinta bai karkace ba, harshen ne ya bi wata hanya a nan.

Masana sun daɗe da gwada wannan. A 1958 Jean Berko ta nuna wa yara masu jin Turanci zanen wani ɗan tsuntsu ta ce sunansa wug, kalmar da babu ita, ta nuna guda biyu, yaran suka yi mata jam'i daidai da dokar Turanci. Ki gwada a gida, ɗauki wani abu ki ce sunansa "zaba", ki kawo uku ki ce waɗannan fa? In kin ji "zabobi" to doka ta zauna.

Na biyu, ɗora laifin a kan Yarbanci ko buroka. Wannan yana min ciwo don har hana yara wasa da 'ya'yan maƙwabta ake yi a kansa. Ga yadda za ki bambance. Yarbanci ba ya canza ƙarshen suna don jam'i, wata kalma ake sawa a gabansa. Kenan in tasirinsa ne za ki ji yaro ya bar sunan yadda yake, ko yana cakuɗa ya da ta tunda Yarbanci bai raba mace da namiji a nan. Amma dokoki da zowa da kayan Hausa zalla aka gina su.

Na uku, "maimaita, ce zuwa, ce zuwa!" har yaro ya yi kuka. Zai faɗa don ki ƙyale shi, anjima ya koma zowa, saboda matsalar ba rashin sani ba ce, ita kalmar asalin ce ba ta yi ƙarfi a ƙwaƙwalwarsa ba, in ya lalubo bai same ta da sauri ba sai doka ta cike gurbin. Binciken Gary Marcus da abokan aikinsa na 1992 a kan yara masu Turanci ya nuna aikatau ɗin da iyaye ba su cika furtawa ba su yara suka fi yi wa haka, kuma gaba ɗaya abin bai da yawa, a matsakaicin yaro kusan kashi 2.5 cikin 100 ne. Kunnenmu ne ke riƙe kuskuren ya manta daidai ɗin. Gyaran shi ne ya yawaita jin kalmar cikin hira. Ta ce ga dokoki, na ce eh dawaki ne, dawaki nawa kika gani, dawakin sarki ne ko? Sau uku ta ji ba tare da an ce ta yi laifi ba. A nan Legas ba kullum ake ganin doki ba, shi ya sa zuwa ta gyaru cikin 'yan watanni amma dawaki ta daɗe.

Sai kuma saurin cewa kuskure ne alhali ba shi ba ne. Akuyoyi Hausa ce, wasu haka suke faɗa maimakon awaki, kuma a Agege ko Idi-Araba Bakano da Basakkwace da ɗan Nijar duk gida ɗaya suke haya, sai ki fara tambaya kafin ki gyara.

Wanda ya kamata a kai asibiti a duba kunnensa shi ne yaron da ya wuce shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko wanda kalmomin da ya iya suke ɓacewa gaba ɗaya yana yin shiru.