Kafin ka sa hannu a inji: kurakuran da ke cin yatsun ma'aikata

Mai horarwa ya tara ma'aikata gaban injin niƙa robobi, bayan an yanke masa wuta an kulle. Mutum biyu su yi wannan ɗan wasan.

A cikin wasan, an ɗauke wuta, inji ya yi shiru, ga gutsuren jarka ya maƙale a bakin wuƙaƙe.

Sabon ma'aikaci: Oga, bari in zaro shi tun da babu wuta.

Shugaban aiki, yana duba waya: To, yi maza.

Yaron ya ɗaga murfi ya zura hannu. A can baya mai janareta ya tayar, ya juya layi. Inji ya kama da kansa, yatsu biyu suka tafi.

A nan mai horarwa zai tsayar da wasan ya tambaya: me ya tayar da injin? Amsar ita ce ba a taɓa kashe shi ba. Makunninsa na nan a kunne, wuta ce kawai ta tafi. Injin da aka haɗa da makunnin hannu kai tsaye yana tashi da zarar wuta ta dawo, kuma mai janareta ba ya ganin wanda ke gaban inji.

Kuskure na biyu ya fi yawa: dogaro da jan maɓallin STOP. Shi umarni kawai yake ba injin ya tsaya, wuta na nan a jikinsa, kowa na iya zuwa ya danna START. Gyaran shi ne a je babban makunnin da ke ba injin wuta, a sauke shi, a sa masa kwaɗo, a rataya kati mai sunan wanda ya kulle. Makullin ya zauna a aljihun mai sa hannu, ba a rataye shi a ƙusa ba. Idan mutum uku ne za su yi aikin, kwaɗo uku za a gani, kowa shi zai cire nasa. Shugaban da ya ce "yi maza" bai tambayi kwaɗo ba, laifinsa ya fi na yaron, domin sabon shiga abin da ya ga manya na yi shi yake kwaikwayo.

Ko an kulle, sauran ƙarfi na nan. Wuƙaƙen suna da nauyi, sukan ci gaba da juyawa bayan ƙara ta lafa, don haka a jira a ga sun tsaya cak. Idan injin na aiki da iska, a rufe bututun, a sace iskar har allurar ma'auni ta koma sifili. Sannan a danna START a gwada. In bai motsa ba, a zaro abin da dogon ƙugiya ko filaya.

Idan tsautsayi ya riga ya afku, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a ɗora ledar kan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a tafi asibiti da shi nan take.