Taƙaita doguwar takarda cikin yaren da ba ka ƙware ba

Sa alamar shakka tun kana karatu, kada ka bari sai ka zo rubuta taƙaitawa. In ka kai shafi na 30, ka riga ka manta inda ka yi cinke a shafi na 4.

Alama uku sun isa. Abin da ka tabbatar, bar shi haka. Wanda ka fahimta daga zubin magana, sa masa ?. Wanda ya gagare ka, sa ?? ka kwafe jimlar asali da lambar shafi.

Misali yarjejeniya da Faransanci ta ce a biya cikin kwana 30 na aiki. Faransanci yana da kalmomi biyu masu kama da juna a nan: ɗaya tana lissafa Asabar, ɗayar ba ta lissafawa. Ta farko mako 5 ke nan, ta biyu mako 6. Rubuta: "Biya cikin kwana 30 na aiki (? ko da Asabar, shafi 12)". Haka wanda ya iya yaren zai duba maka layi ɗaya maimakon takarda duka, kuɗin tafinta ya ragu.

Amma fa dabarar ba ta kama kuskuren da ba ka ji shakkarsa ba. Don haka duk jimlar da ke da kuɗi, wa'adi, korewa ko "sai dai idan", a ganina ka sa mata ? ko da ta yi maka sauƙi.

Idan alamun suka cinye rabin takarda, ko sa hannu za ka yi, nemi mai fassara.